Kunne da hanci a bakin murhu

Karo na uku ke nan da yarinyar ta kai hannu kan murfin tukunya, sai kakarta ta riƙe ta.

"Kishiya, bar shi. Duk buɗewar da kika yi, tururin da zai dafa ta saman ne kike kora. Matso ki kasa kunne."

Shinkafa ce 'yar gida, gwangwani biyu, an rege ta tas, an zuba mata ruwa gwangwani huɗu. Tukunyar sai ɓararraka take yi, murfi yana rawa. Kaka ta ce muddin ana jin wannan hayaniya, ruwa yana saman shinkafa, babu abin dubawa. Jim kaɗan ƙarar ta lafa, ta koma fut-fut daga can ƙasa, alamar ruwan ya nutse, tururi yana fita ta 'yan ramukan da ya huda. Nan tsohuwar ta janye itace biyu, ta bar garwashi.

"To Kaka, yaushe zan san ta nuna?"

"Shaƙa ki ji. Ɗazu warin ɗanyen gari take yi, yanzu fa?"

Yarinyar ta shaƙa, ta ce ƙamshi ne mai daɗi, kuma ga wata 'yar ƙara tas-tas a gindin tukunya. Kaka ta sa tsumma ta sauke, ta ce a bar ta a rufe minti goma ta turara.

Abin da tsohuwar nan ta sani yana da dalili. Muddin akwai ruwa a gindin tukunya, zafin ba ya wuce wajen digiri 100, don haka shinkafa ba ta ƙonewa. Da zarar ya tsotse, zafin ƙarfen sai ya haura, ƙwayoyin ƙasa su fara gasuwa. Tas-tas ɗin nan farkon ƙanzo ne, kuma tsakaninsa da ƙauri 'yan mintoci ne kawai, musamman a tukunya maras kauri. Shi ya sa nake ganin kunne ya fi hanci saurin kawo labari, domin wanda ya jira sai ya ji ƙauri ya makara.

Sai dai kunne ƙarewar ruwa yake faɗa, wadda ba kullum take zuwa tare da nunar shinkafa ba. Idan wuta ta yi yawa, ruwa kan ƙafe alhali ƙwayar da sauranta. Don haka da Kaka ta buɗe, sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga sama ta sa jikar ta murza.

"Kin ji tauri a tsakiya?"

"A'a, ta murzu."

"Da kin ji, sai ki yayyafa ruwan zafi rabin kofi, ki rufe, ki mayar kan garwashi. Kada ki juya, caɓewa za ta yi. Miƙo min kwanon Malam."