Akanta Biyu, Takarda Ɗaya, Albashi Daban

Ɗan yayata da wata abokiyar karatunsa sun gama karatun lissafin kuɗi a shekara ɗaya, da sakamako kusan iri ɗaya. Yau shi yana aiki a wani gidan ruwan leda da ke gefen Kano, mai ma'aikata 14, ita kuwa tana wani babban kamfanin sarrafa kayan abinci wanda ma'aikatansa sun kai dubbai. Idan ka tambaye su aikinsu, amsar ɗaya ce: akanta. Amma da a ce za a musanya su ranar Litinin da safe, ba na jin ɗayansu zai kai azahar bai nemi agaji ba.

Shi ranarsa tana farawa ne da direbobi. Mota ta fita jiya da jaka 400 ta ruwa, a ce kowace jaka naira 300. Direba ya dawo ya ce jaka 15 sun fashe a hanya, saura 385, wato naira 115,500 ake bin sa. Ya zube tsabar kuɗi 70,000, ya nuna sakon banki na 36,500 da masu shaguna suka tura, sannan ya ce wani mai shago a Rijiyar Lemo ya karɓi na 9,000 sai jibi. Lissafi ya cika a takarda. Sai dai ɗan yayata ba zai rubuta ba sai ya buɗe asusun kamfani a waya ya ga kuɗin sun shiga da gaske, domin an taɓa nuna masa sakon bogi. Sai ya nemi ledojin da suka fashe ya ƙirga, sai ya kira mai shagon ya ji daga bakinsa. Yana cikin haka injin ya tsaya, ana neman kuɗin gas na janareta, sai ya buɗe durowa ya bayar. Kafin la'asar ya je banki, ya biya mai kawo leda, ya saurari ma'aikacin da matarsa ta haihu yana neman a ba shi rabin albashi tun kafin wata ya yi. Idan jami'an haraji suka leƙo, shi ake turo wa. Idan Alhaji ya yi waya ya ce, "Akanta, a tura wa gida dubu hamsin," shi zai tura, sannan ya zauna yana tunanin a wane shafi zai rubuta ta, tunda ba kuɗin leda ba ce, ba ta albashi ba.

Wato a ƙarƙashin kalmar nan guda akwai kashiya, da mai sito, da mai biyan albashi, da mai bin bashi, da ɗan aike zuwa banki.

Ita kuwa tun da ta fara aiki ba ta taɓa riƙe naira ɗaya ta kamfani a hannunta ba. Sashen kuɗi na kamfaninsu ya kasu gida-gida: masu biyan 'yan kwangila da dillalai, masu bin kuɗin da ake bin kwastomomi, masu albashi, masu haraji, masu kula da asusun banki, masu haɗa rahoton ƙarshen wata. Ita tana gidan farko, kuma ko a can ma tebur ɗaya ne nata. Aikinta shi ne ta gwama takardu uku kafin a biya kowa: takardar odar da kamfani ya bayar, takardar da sito ya rubuta cewa kaya sun iso, da takardar neman biya da dillali ya kawo. An yi odar taya 200 na manyan motoci, dillali ya nemi kuɗin 200, amma sito ya ce 190 ya ƙirga. Nan za ta dakatar da biyan a cikin manhajar SAP, ta rubuta wa sashen saye-saye, ta jira. Ko takardun uku sun dace, ba ita za ta amince da biyan ba, akwai na gaba da ita. Kuma wanda ya amince ba shi zai saki kuɗin daga banki ba, wani ne dabam.

Mutane da yawa suna ɗauka wannan ɓata lokaci ne irin na manyan ofisoshi. Ba haka ba ne. Da gangan ake raba aikin, don kada mutum ɗaya ya zama shi ne mai rubuta bashi, shi ne mai amincewa, shi ne mai biya. Wanda ya haɗa ukun nan a hannunsa zai iya ƙirƙiro dillalin da babu shi, ya yi ta biyan kansa shekara da shekaru. A gidan ruwan leda babu kuɗin ɗaukar mutum uku, saboda haka abin da ke tsare dukiya shi ne idon maigida da amanar akanta. Shi ya sa a irin waɗannan wurare ake fara tambayar ɗan wane ne kai kafin a tambayi takardarka. A kamfanin da mai shi bai san fuskar ma'aikatansa ba, tsari ne ke maye gurbin idon nan, tsari kuwa yana buƙatar mutane da yawa, kowa da ɗan yankinsa.

To in haka ne, me ya sa mai aiki biyar yake karɓar abin da bai kai na mai aiki ɗaya ba? Wannan ita ce tambayar da ke ci wa ɗan yayata rai, kuma ina ganin yana da hujjar jin haushi, ko da yake amsar ba ta rasa ma'ana ba.

Albashinsa ya fito ne daga ciniki tsakaninsa da Alhaji, kamar yadda ake cinikin rago: aka taya, aka yi albarka, aka daidaita. Iyakarsa ita ce ribar da ke saura bayan an cire leda da gas da gyaran mota, kuma da damina, in ciniki ya ja baya, har jinkirin biya akan samu. Nata albashin ba sunan akanta ne ya yanke shi ba. Manyan kamfanoni suna da matakai, kamar yadda ma'aikatan gwamnati suke da mataki na 8 da na 12, kuma kowane mataki yana da ƙasa da sama na abin da ake biya. Za ka iya samun mutum uku a ofis ɗaya duk ana ce musu akanta, albashin na sama ya ninka na ƙasa, domin matakinsu ba ɗaya ba ne. Abin da ake aunawa wajen ɗora mutum a mataki shi ne girman kuɗin da ke bi ta hannunsa, da yawan mutanen da ke ƙarƙashinsa, da irin ɓarnar da kuskurensa zai jawo. Taya goman nan da ta kama a takarda ɗaya suna iya fin cinikin gidan ruwan leda na kwana da kwanaki. Kamfanin kuma yana gogayya da bankuna da kamfanonin waya wajen neman masu shaidar ƙwarewa ta ICAN ko ANAN, dole ya biya abin da zai riƙe su.

Akwai kuma hannun doka, wanda ba kowa ya lura da shi ba. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 a 2024, amma dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ajiye kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya ƙara masa aƙalla kashi 10, kuma a ɓangaren 'yan kasuwa ta ambaci wuraren da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. Gidan ruwan mai mutum 14 yana ƙasa da layukan biyu. Hatta dokar kamfanoni ta 2020 ta sassauta wa ƙananan kamfanoni wajibcin naɗa masu binciken kuɗi na waje. Ma'anar wannan ita ce babu wani baƙo da zai zo ƙarshen shekara ya buɗe littafin ɗan yayata, alhali ita duk abin da ta shigar yana iya faɗawa hannun masu bincike.

Bari mu gwada da ƙagaggun lambobi, don a ga yadda abin yake aiki. A ce shi yana karɓar 120,000 a hannu, shi ke nan, sai ɗan ihsanin Alhaji da buhun shinkafa da azumi. A ce ita takardarta ta ce 300,000, kuma a ciki 240,000 ne ainihin albashi da kuɗin gida da na mota, waɗanda a kansu ake lissafin fansho. Za a cire mata 19,200, a cire haraji, don haka abin da zai shiga wayarta bai kai 300,000 ba. Amma kamfani zai zuba wasu 24,000 daga aljihunsa, wato 43,200 ke taruwa da sunanta duk wata. Ga katin asibiti, ga inshorar rai wadda dokar fansho ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara, ga hutun shekara da ake biya. Ranar da ɗan yayata ya kwanta zazzaɓi, daga aljihunsa ya sayi magani, kuma yana kwance direbobi suna kiran wayarsa.

Kada a ɗauka duk riba tana gefe ɗaya. Shi ya san kasuwanci daga kai har ƙafa. Ya san nawa jaka ɗaya take ci kafin ta fita ƙofa, ya san wane wata kuɗi ke ƙarewa, kuma idan ya ga ɓaraka, taku goma ne tsakaninsa da mai yanke hukunci. In ya tashi buɗe nasa, ba wanda zai koya masa. Ita tana iya shekara biyar a teburin nan ba ta taɓa haɗa cikakken lissafin riba da asara ba. Na ga wanda ya baro babban kamfani ya karɓi kujerar "manajan kuɗi" a wani ƙaramin wuri, ya tarar ba manhaja, ba mataimaki, sai littafi mai bangon kwali da tarin rasit a leda. Bai yi wata huɗu ba.

Komawa ɗaya gefen ma da nasa ciwon. Ƙananan wurare ba sa rowar suna, tunda suna ba ya cin kuɗi: in ba a iya ƙara maka albashi ba, sai a mayar da kai "babban akanta", ko da kai kaɗai ne a ofishin. Ranar da ka je ganawar neman aiki a babban kamfani, ba za su tsaya a kan sunan ba. Za su tambaye ka mutum nawa ne a ƙarƙashinka, har nawa kake iya sa hannu a biya ba tare da ka tambayi kowa ba, wa yake duba aikinka, an taɓa binciken littafinka daga waje, da wace manhaja kake aiki. Daga amsoshin nan za su zaɓa maka mataki, kuma sau da yawa babban akantan jiya yakan koma ƙaramin jami'i, amma da albashin da ya fi na da.

Tambayoyin nan su ne ya kamata mai neman aiki ya juya ya yi wa mai ɗaukarsa, ya ƙara da guda biyu: kuɗin da aka faɗa kafin cire-cire ne ko bayansa, kuma za a ba shi takardar ɗaukar aiki da ta lissafa ayyukansa? Ɗan yayata bai yi ko ɗaya ba lokacin da ya fara. Yanzu ya yi rajistar jarrabawar ICAN, yana karatu bayan isha'i. Makon jiya kuma ya shawo kan Alhaji aka buɗe asusu na biyu, domin kuɗin cefanen gida su daina bi ta littafin ruwa.