Siffofin koligatif

Siffofin koligatif wasu siffofi ne na ruwan da aka narkar da wani abu a cikinsa, waɗanda suka dogara da yawan ƙwayoyin da suka narke, ba da irinsu ba. Fitattu daga cikinsu su ne saukar ma'aunin daskarewa, hawan ma'aunin tafasa da kuma osmosis. Tushensu ɗaya ne: ƙwayoyin da suka narke suna rage wa ruwa saurin rabuwa da haɗin, ko zuwa ƙanƙara, ko zuwa tururi, ko ta cikin tantani.

Daskarewa da tafasa

Tsantsar ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas, yana tafasa a digiri 100 a daidai gaɓar teku. Idan aka narkar da gishiri ko sukari, ba sa shiga cikin ƙanƙarar, ba sa bin tururin, don haka sai an ƙara sanyi kafin ruwan ya daskare, sai an ƙara zafi kafin ya tafasa. Ana lissafin saukar da ΔTf = i × Kf × m, inda m yake nufin mol nawa aka narkar a kilogiram ɗaya na ruwa, i kuma ƙwaya nawa abin yake rabuwa. Ga ruwa, Kf shi ne 1.86. Na tafasa, wato Kb, 0.512 ne kawai.

Mol ɗaya na sukari, giram 342, idan ya narke a kilogiram ɗaya na ruwa, haɗin zai daskare a digiri −1.86. Mol ɗaya na gishiri giram 58.5 ne kacal, amma gishiri yana rabuwa gida biyu, sodiyam da kulorayid, saboda haka lissafi yana ba da −3.72. Mantawa da wannan i shi ne kuskuren da ɗalibai suka fi yi. A awo na zahiri kusan −3.4 ake samu, domin ƙwayoyin biyu suna jan juna, kuma lissafin ya fi dacewa da haɗi mai ruwa-ruwa. Wannan gishirin dai, duk da yawansa, da kusan digiri ɗaya yake ɗaga ma'aunin tafasa, ke nan ɗan gishirin miya ba ya sauya zafin tukunya.

Osmosis

Idan tantanin da ruwa kaɗai ke iya ratsawa ya raba haɗi biyu, ruwa yakan kwarara zuwa ɓangaren da ƙwayoyi suka fi yawa. Matsin da zai tsayar da kwararar shi ne π = iMRT, inda M yake mol a lita ɗaya, R kuma 0.0821, a kuma rubuta zafi T da ma'aunin Kelbin. Ruwan gishirin da ake ƙara wa marar lafiya a asibiti yana da giram 9 a lita, wato mol 0.154. A zafin jiki, Kelbin 310, matsinsa ya kusa ninki 8 na matsin iska, kusan daidai da na jini. Da tsantsar ruwa aka ƙara, da ruwan ya kutsa cikin jajayen ƙwayoyin jini, sun kumbura har sun fashe.