Aiki Ɗaya, Albashi Biyu: Yadda Mace Za Ta Shigar da Ƙorafi

Bambancin albashi tsakanin mace da namiji masu aiki iri ɗaya ba kasafai yake fitowa fili a takardar ɗaukar aiki ba. Yakan ɓuya ne a cikin alawus, ko a sunan muƙami, inda za a kira namiji "babban malami" a kira mace "mataimakiya", alhali darasi ɗaya suke koyarwa. Ya fi yawa a wuraren da ba su da rubutaccen tsarin albashi, kamar ƙananan makarantun kuɗi da asibitoci da shaguna, inda kowa da yadda ya yi ciniki da mai gida.

Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi biyan albashi daidai ga aiki daidai, ba tare da la'akari da jinsi ba. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiwatar da shi kai tsaye. Shi ya sa lauyoyi ke haɗa shi da sashe na 42, wanda ya haramta wariya, da kuma Yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 1974. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Masana'antu ta Ƙasa hurumin sauraren ƙarar wariya a wurin aiki, da ikon amfani da irin waɗannan yarjejeniyoyi. Yarjejeniyar ba ta tsaya ga aiki iri ɗaya sak ba, ta haɗa da aikin da darajarsa ta zo ɗaya, kuma tana lissafa alawus a cikin albashi.

Ƙorafin ba ya tsayuwa sai da abokin kwatance, wato takamaiman namiji a wurin aikin da za a auna da shi. A ɗauki misalin wata malamar lissafi a makarantar kuɗi, wadda ke karɓar naira 80,000 a wata. Abokin aikinta, wanda aka ɗauke su shekara ɗaya da digiri iri ɗaya, kuma yawan darussansu a mako ɗaya ne, yana karɓar 95,000, ga kuɗin haya 10,000. Giɓin ya zama 25,000 ke nan a wata, wato 600,000 a shekara biyu. Wannan lissafin shi ne ƙashin bayan ƙorafinta.

Kafin ta yi magana, sai ta tattara takardar ɗaukarta aiki, da takardun biyan albashi ko saƙonnin banki, da jadawalin darussa. Albashin abokin aikin kuwa, da yardarsa ya kamata ta san shi. Ɗauko fayil daga ofis a ɓoye yana iya zama hujjar korarta, ya kuma ɓata mata ƙarar. Sannan ta tambayi kanta ko akwai dalili na gaskiya: ya riga ta fara aiki, ko yana da ƙarin shaidar karatu, ko an ɗora masa wani nauyi kamar kula da jarrabawa? Idan akwai, ƙorafin ya yi rauni. Amma amsar da aka fi ji, "ai shi mai iyali ne, ke kuwa mijinki ke ciyar da ke", ba dalili ba ce. Aiki ake biya, kuma mata da yawa, musamman zawarawa, su ke riƙe da gidajensu. Idan shugaba ya faɗi haka, ta rubuta ranar da sunayen waɗanda suka ji, domin ya nuna da bakinsa cewa jinsi ne sanadi.

Mataki na farko shi ne wasiƙa ga shugaba ko sashen ma'aikata, gajeriya, ba zagi ba zargi. Ta bayyana aikinta, da na abokin kwatancen, da giɓin, ta nemi a yi mata bayani a rubuce cikin wani wa'adi, misali mako biyu, a daidaita albashin, a kuma biya ta bashin baya. Lallai ta riƙe kwafin da aka sa wa hannu da kwanan wata, don maganar baki saurin musantawa gare ta.

Idan aka yi shiru, sai ta kai ga ƙungiyar ƙwadagonta in tana da ita, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharta, inda jami'ai ke zaunar da ɓangarorin biyu don sulhu. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ma tana karɓar koke kyauta. In sulhu ya ci tura, sai kotu, wadda ke da rassa a birane kamar Kano da Abuja. Shari'a na cin lokaci da kuɗi, kuma wasu ƙararraki suna da wa'adin shigarwa, don haka gara a ga lauya da wuri.

Babbar barazana ita ce ramuwar gayya: a rage mata darussa, ko a fara ba ta takardun tuhuma babu gaira babu dalili. Kada ta ajiye aiki cikin fushi. Ta adana kowace takarda da ta biyo bayan wasiƙarta, domin kusancin ranakun na iya zama shaida a gaban alƙali cewa saboda ƙorafin aka matsa mata.