Yadda Ƙaramar Kyamara Ke Ƙirga Sabulu a Kan Bel

A masana'antar sabulu, ko ta biskit, ko ta ruwan leda, akwai wani aiki da ke cin mutum a hankali, wato tsayawa a bakin bel ana ƙirga kayan da ke wucewa. Da safe ido na nan garau. Kafin azahar ƙarar inji ta cika kunne, ƙafa ta yi nauyi, wani ya yi wa mai ƙirgan magana ya waiwaya, sai lissafi ya kuɓuce. Da yamma abin da ke rubuce a littafi daban, abin da ke cikin sito daban, daga nan kuma zargi ya shiga tsakanin mutanen da babu wanda ya ɗauki ko allura a cikinsu.

Wannan ne ya sa ɗalibai masu aikin kammala karatu da ƙananan injiniyoyi ke sha'awar ɗora wa kyamara aikin. Kayan ba su da yawa: kyamara irin wadda ake jona wa kwamfuta don hira ta bidiyo, tsohuwar kwamfutar cinya ko ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi da ba ta wuce tafin hannu ba, sai manhajar OpenCV. Ita OpenCV tarin kayan aikin sarrafa hoto ce da aka fara a kamfanin Intel a 1999 ƙarƙashin jagorancin Gary Bradski, kuma kyauta ce, kowa na iya saukewa ya yi aiki da ita ta harshen Python. Sai dai wanda duk ya taɓa gwadawa ya san cewa gano sabulu a cikin hoto shi ne mai sauƙin. Inda gizo ke saƙar shi ne a ƙirga kowane sabulu sau ɗaya tak.

A ɗauki misali. Ga bel baƙi yana tafiya santimita 30 a daƙiƙa, ɗauke da farin sabulu mai tsawon santimita 8 da faɗin santimita 5. An kafa kyamara a sama tana kallon ƙasa kai tsaye, an ɗaure ta tamau a jikin ƙarfen da ba ya girgiza tare da injin. Hotonta na da ɗigo 640 a tsawo da 480 a faɗi, an kuma daidaita tsayinta har tana ganin santimita 64 na bel ɗin. Kowane santimita ɗaya ya zama ɗigo 10 ke nan, shi kuwa sabulun zai cinye ɗigo 80 sau 50, wato kusan 4,000. A riƙe wannan lambar, za a dawo kanta.

Kwamfuta ba ta san sabulu ba. Abin da take gani lambobi ne kawai. Idan aka mayar da hoton launin toka, kowane ɗigo na ɗauke da lamba daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Bel ɗin zai kasance can ƙasa, a ce wajen 40, sabulun kuma can sama, a ce wajen 200. Sai mai aikin ya ja iyaka a tsakiya ya ce duk ɗigon da ya haura 120 fari ne, saura baƙi. Daga nan OpenCV ta zagaye kowane farin tabo ta auna girmansa. Layuka huɗu sun isa:

```python
toka = cv2.cvtColor(hoto, cv2.COLOR_BGR2GRAY)
toka = cv2.GaussianBlur(toka, (5, 5), 0)
_, fari = cv2.threshold(toka, 120, 255, cv2.THRESH_BINARY)
iyakoki, _ = cv2.findContours(fari, cv2.RETR_EXTERNAL, cv2.CHAIN_APPROX_SIMPLE)
```

Layi na biyu yana ɗan dusashe hoton ne da gangan, don ƙananan ɗige-ɗigen da kyamara mai araha ke zubawa su narke. Tabon da bai kai ɗigo 1,000 ba, ɓarɓashin sabulu ne ko ƙyallin bel, sai a watsar da shi.

Nan ne sabon shiga ke fara murna, nan kuma yake cin karo da tuntuɓen farko. Kyamarar na ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa. Sabulun yana matsawa santimita ɗaya tsakanin hoto da hoto, saboda haka kafin ya fice daga idon kyamara ya bayyana a hotuna sama da 60. Idan shirin ya tara duk tabon da ya gani a kowane hoto, sabulu guda zai zama sittin da wani abu. Mutum ya ɗora sanda goma a kan bel, allo ya nuna masa ɗari shida da ɗoriya.

Maganin ya yi kama da yadda makiyayi ke ƙirga tumaki. Ba ya ƙirga su suna cakuɗe a fili, a bakin ƙofar garke yake tsayawa, kowacce ta tsallake ya lissafa ta. Haka ake zana layi a tsakiyar hoton, a ɗigo na 320. Shirin yana nemo tsakiyar kowane tabo, ya ajiye inda yake a hoton da ya gabata, ya kwatanta da inda yake yanzu. Idan ɗazu yana bayan layi, yanzu kuma ya kai ko ya wuce, an samu ɗaya:

```python
if x_da < LAYI <= x_yanzu:
    adadi += max(1, round(girma / 4000))
```

To, ta yaya shirin zai san cewa tabon nan na yanzu shi ne na ɗazu? Hanya mafi sauƙi ita ce ya haɗa kowane tsohon tabo da sabon da ya fi kusa da shi. Matuƙar ana sarrafa hoto 30 a daƙiƙa babu matsala, domin tsallen santimita ɗaya ne kacal, alhali tsakanin tsakiyar wani sabulu da ta mai bi masa akwai, a ce, santimita 10. Amma a ce kwamfutar ta yi zafi, ko an ɗora mata hoto mai girman gaske, ta koma sarrafa hoto 5 a daƙiƙa. Yanzu kowane sabulu na tsallen santimita 6. Na gaba ya yi nisan 6 daga inda yake, na bayansa kuwa ya matso har saura 4 ya kai wannan gurbin. Shirin zai kama na bayan ya ɗauka shi ne na gaban, har ya ga kamar kayan baya suke tafiya. Lissafi ya wargaje, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito a allo. Shi ya sa ya kamata a riƙa buga adadin hoton da ake sarrafawa a daƙiƙa a kusurwar allo, a kuma yanke hoton a bar tsirin da ke kewaye da layin kaɗai don rage wa kwamfutar kaya. Yana kuma da kyau a koya wa shirin cewa bel gaba kawai yake tafiya, duk haɗin da ya nuna komawa baya a ƙi shi.

Rabawar da aka yi da 4,000 a layi na biyu tana maganin wata matsalar ce. Sanduna biyu kan zo manne da juna, kyamara ta gan su tabo ɗaya. Tun da an san girman guda, tabon da ya kai wajen 8,000 biyu ne, na 12,000 uku. Dabarar na aiki idan kayan girmansu ɗaya kuma kwance suke gefe da gefe. Idan wani ya hau kan wani, babu lissafin da zai fito da abin da kyamara ba ta gani ba. A nan ɗan ƙarfe ko burushi da aka gitta a saman bel don ya kwantar da kayan ya fi kowane gyaran shiri amfani, kuma mai walda zai haɗa shi cikin awa guda.

Abin da ya fi cin lokacin masu wannan aiki shi ne haske. Iyakar 120 da aka zaɓa da hantsi, a cikin ɗaki, ba lallai ta yi aiki da la'asar ba, lokacin da rana ta leƙo ta taga ta kwanta a kan bel har baƙin ya koma fari-fari. Akwai hanyar da masanin Japan Nobuyuki Otsu ya wallafa a 1979, wadda ke zaɓar iyakar da kanta daga hoton, kuma tana cikin OpenCV da sunan `cv2.THRESH_OTSU`. Tana da kyau idan akwai kaya a hoton. Idan bel ya zo wayam, sai ta dage ta raba shi kansa bel ɗin gida biyu, ta fito da tabon da babu shi. Ga kuma ita kyamarar, wadda ke gyara haskenta da kanta: farin kaya ya cika mata ido ta rage haske, ya wuce ta ƙara. Dole a kashe mata wannan, a tsayar da ita a ma'auni ɗaya. Mafi inganci shi ne a yi wa wurin rumfa da katako ko kwali mai kauri, a toshe hasken waje, a sa fitila a ciki wadda ba ta canzawa dare da rana.

Ita ma fitilar sai an zaɓa. Idan idon kyamara ya tsaya a buɗe kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa, sabulun ya matsa santimita guda a lokacin, gefensa ya shafe, girmansa na iya ɗan kumbura ya haura 4,000, sanduna biyu da ke kusa kuma su haɗe. Rage lokacin zuwa kashi ɗaya cikin 300 yana mayar da shafewar milimita ɗaya, amma yana buƙatar haske mai ƙarfi, yana kuma tono wata matsalar. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka doguwar fitila da ƙananan ƙwayaye masu araha suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Idon mutum ba ya lura, amma kyamara mai saurin rufe ido tana gani, sai ratsi-ratsi masu duhu su riƙa yawo a hoton. Idan aka koma kan janareto, wanda juyinsa ke hawa da sauka, abin ya ƙara lalacewa. Fitilar da ke shan wuta daga batir kai tsaye ba ta da wannan ƙyaftawar, kuma ita ya kamata a nema tun farko. A lokacin hunturu kuma sai an riƙa goge gilashin kyamarar, domin ƙura na dusashe hoton kaɗan-kaɗan har lissafi ya fara zamewa ba a sani ba.

Gwaji ma yana da ƙa'idarsa. A ƙirga sanda 500 da hannu, a sake su a kan bel, a naɗi bidiyon a ajiye. Idan allo ya nuna 500 cif, kada a yi saurin tafawa, domin mai yiwuwa shirin ya tsallake bakwai ya kuma ninka wasu bakwai. Sai an sa shirin ya canza wa kowane sabulu launi a allo daidai lokacin da ya ƙirga shi, mutum ya zauna ya bi bidiyon a hankali, ya rubuta wanda aka tsallake daban, wanda aka maimaita daban. A sake gwadawa da bel wayam na tsawon minti goma, a ga ko adadin zai tsaya a sifili. A tsayar da bel ɗin sabulu na kan layi daidai, a ga ko girgizar inji za ta sa a yi ta ƙirga shi. Saboda wannan ne ake ba kowane tabo lambarsa, da alamar cewa an riga an lissafa shi.

Farin sabulu a kan baƙin bel shi ne mafi sauƙin misali. Ruwan leda, wanda ake ɗaure ashirin-ashirin a jaka, ya fi shi wuya nesa ba kusa ba: ledar na ƙyalli, ana hango bel ta cikinta, siffarta kuma tana canzawa duk yadda ta faɗi. Iyakar fari da baƙi ba ta kama ta da kyau, sai an sauya yadda haske ke dukanta ko an koma ga shirin da aka horar da ɗaruruwan hotuna, wanda ke neman kwamfuta mai ƙarfi. Idan kuma kayan a jere suke zuwa, ɗaya bayan ɗaya da tazara, ƙaramar na'urar nan mai harba haske daga wannan gefen bel zuwa wancan, wadda ke lissafi duk lokacin da abu ya gitta, ta wadatar, ta kuma fi juriyar ƙura da zafi. Kyamara tana cancantar wahalarta ne idan kayan na zuwa a warwatse, biyu ko uku a jere a faɗin bel, ko kuma ana son a ware karyayyen sabulu daga lafiyayye, abin da girman tabon nan na ɗigo 4,000 zai nuna tun kafin sandar ta isa hannun mai zubawa a kwali.