Kastad na Ƙwai: Abin da Ke Sa Ya Tsinke a Kan Wuta

Garin kastad da muka saba damawa kamar koko babu ƙwai a cikinsa. Sitacin masara ne da kala da ƙamshi, wanda wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya ƙirƙiro a 1837 saboda jikin matarsa ba ya karɓar ƙwai. Shi wannan ko ya tafasa babu ruwansa. Na asalin kuwa, mai ruwa-ruwa da Turawa ke kwararawa a kan kek ko 'ya'yan itace, da madara da gwaiduwa da sukari ake yinsa, kuma tafasa ita ce ajalinsa.

Gwaiduwa ce kaɗai ke ba shi kauri. Idan zafi ya ratsa ta sannu a hankali, furotin ɗin cikinta yakan warware ya riƙe ruwan madarar, sai a samu kauri mai santsi. Wannan na faruwa ne wajen digiri 75 zuwa 82 a ma'aunin Salshiyas. Da ya haura 85, furotin ya dunƙule ya matse ruwan waje, sai ki ga tsaki-tsakin dafaffen ƙwai na yawo a ruwa tsararo. Tazarar ba ta da yawa, shi ya sa wuta mai ƙarfi ba ta barin ki ankara.

A ce madara rabin lita ce, gwaiduwa biyar, sukari giram 60. Ki kaɗa gwaiduwar da sukarin nan take, don idan kika bar sukari zaune a kanta, gudaji yake yi. Ki ɗumama madarar har ta fara tururi, ki riƙa tsiyaya ta kaɗan-kaɗan cikin ƙwan kina kaɗawa, sannan ki mayar tukunya mai kaurin gindi, ki rage wuta sosai.

Daga nan hannunki ba ya hutawa. Gindin tukunya ya fi samanta zafi nesa ba kusa ba, kuma a can ƙwai ke fara kamawa alhali saman bai nuna komai ba. Don haka jujjuya sama-sama aikin banza ne. Cokalin katako ya riƙa shafar gindin da kusurwoyin. Idan kumfar sama ta ɓace, an kusa. Ɗago cokalin, ki ja yatsa a bayansa: in layin ya tsaya bai rufe ba, ya yi.

Kada ki bar shi a tukunyar, domin zafinta zai ci gaba da dafa shi. Tace shi da rariya cikin kwano mai sanyi.

Idan tsaki-tsakin ya fara bayyana, sauke maza, ki tsoma gindin tukunyar a ruwan sanyi, ki kaɗa da ƙarfi ko ki zuba a bilenda. Sau da yawa santsin yakan dawo, sai dai kaurin ya ragu. Amma wanda ya tafasa har yana ƙarnin ƙwai, bilenda ba za ta cire ƙarnin ba. Mai koyo tana iya kaɗa ƙaramin cokali ɗaya na sitacin masara cikin gwaiduwar tun farko, yana rage saurin tsinkewa.