Tiramol birki ne, ba inji ba

Tun da shugaban hukumar NDLEA, Janar Buba Marwa mai ritaya, ya fara kiran a riƙa yi wa masu shirin aure gwajin ƙwaya, maganar ta ƙi mutuwa a majalisun garin Bauchi. Wasu na cewa tozarci ne, wasu na cewa an ma makara. Ni abin da ya tsaya mini a rai dabam ne. Wani dare a teburin mai shayi kusa da Wunti na ji wani matashi yana rantsuwa cewa in dai za a yi gwajin nan a makon biki, to rabin angwaye za su faɗi, domin abokai ne da kansu ke kai wa ango Tiramol a matsayin gudummawa. Aka kwashe da dariya. Babu wanda ya musa masa, kuma babu wanda ya ga abin a matsayin shaye-shaye. A wurinsu maganin ƙarfin maza ne.

Wannan sunan shi ne kuskuren da ke ba ni haushi. Tiramol bai taɓa ƙara wa kowa ƙarfin mazakuta ba. Abin da yake yi jinkiri ne, kuma jinkiri da ƙarfi ba abu ɗaya ba ne.

Abubuwa uku ne muke cusawa cikin kalmar "ƙarfi". Akwai sha'awa, wadda ke tasowa daga ƙwaƙwalwa, sinadarin testosteron na rura ta. Akwai miƙewar gaba, wadda aikin jini ne da jijiyoyi. Sai kuma inzali, wanda laka da ƙwaƙwalwa ke sakin sa idan lokaci ya yi. Mai keke Napep zai fi kowa gane wannan: sha'awa ita ce fetur, miƙewa ita ce inji, abin da ke riƙe inzali kuwa shi ne birki. Tiramol birki yake takawa. Wanda ya taka birki ya ga keke ya daɗe bai iso Yelwa ba, sai ya ce injinsa ya ƙara lafiya, ai da sauransa a sanin keke.

Gaskiya ne yana jinkirta inzali, kuma ba a ɓoye dalilin ba. Maganin ciwo ne da wani kamfanin Jamus ya fitar kasuwa a 1977, yana kuma aiki ta hanya biyu. Ta farko irin ta danginsa ce, su kodin da mofin da allurar Fenta, wato dusashe jin zafi. Ta biyu ita ce ƙara yawan sinadarin serotonin tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, shi kuwa serotonin idan ya yi yawa yana jan ƙafar inzali. Likitoci sun gwada shi a kan masu saurin kawowa, da ƙaramin awo, sun kuma ga yana ƙara 'yan mintuna. Duk da haka ba shi suke fara bayarwa ba, saboda tsoron kamuwa da jarabarsa.

Ɓarnar tana hanyar farko, irin ta danginsa, kuma a hankali take cin mutum kamar gara a azara. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke aika saƙo, lokaci bayan lokaci, zuwa ga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashinta, ita kuma ta aika wa 'ya'yan maraina umarnin su samar da testosteron da maniyyi. Duk magungunan wannan dangi suna toshe saƙon tun daga tushe. Kamar maigida ne ya daina aiko da kuɗin cefane: murhu na nan, tukunya na nan, uwargida lafiyarta ƙalau, amma ba a ɗora girki. Ko kuma rijiyar burtsatse da aka yanke wa wuta: famfo bai lalace ba, tankin ne ke ƙafewa kullum ba a sake cika shi. Shi ya sa mai shan ƙwayar ba ya ganin komai a makon farko. Tankin da ya tarar a cike yake sha.

Mu ɗauki misalin ango ɗan shekara 27. Daren farko an ba shi ƙwaya ɗaya, ya ga ya daɗe, ya ce ya samo sirri. Watan farko sai ranar da yake buƙata yake sha. A wata na uku guda ɗaya ta daina yi masa, domin jiki ya saba, sai ya koma biyu. Ya kuma lura idan ya sha da safe ba ya jin gajiyar aiki, sai ta zama ta kullum. Kafin shekara ta zagayo abubuwa sun juye. Miƙewar asuba, wadda lafiyayyen namiji kan farka da ita, ta yi ƙaranci har ta ɓace. Yakan yi mako biyu iyali ba su faɗo masa a rai ba. Idan ya matsa wa kansa, gaban ya miƙe rabi-rabi ya kwanta a tsakiyar hanya, ko kuma ya yi ta fama inzali ya ƙi zuwa har kowa ya gaji. Birkin da ya yi alfahari da shi ya kame ƙafafun keken gaba ɗaya.

Sai ya ce bari ya daina. Kafin kwana ɗaya ya cika ya fara hamma, hanci na zuba, zufa na karyo masa, gaɓoɓi na ciwo, ciki na murɗawa, barci ya ƙaurace. Abin da ya fi karya masa zuciya shi ne saurin inzalin ya dawo, sau da yawa fiye da na da, domin jijiyoyin da aka daɗe ana dannewa sun saki gaba ɗaya. A nan yake yanke hukuncin da ke ɗaure shi: "Ka gani, in babu ita ba na iya komai." Bai san cewa wannan alamar janyewa ce mai wucewa ba. Ya koma wa ƙwaya, ya ƙara da maganin basir da na sanyi daga masu lasifika a bakin kasuwa, tun da a garin nan duk raunin namiji basir ake ɗora wa.

Awon ma abin dubawa ne. Hukumar NAFDAC ta amince da Tiramol mai miligiram 50 da mai 100 ne kawai, kuma ko mai ciwo mai tsanani ba a wuce masa 400 a yini. Wanda ke yawo a hannun matasa mai 200 ne ko 225. Guda biyu na 225 sun riga sun haye iyaka, kuma daga nan ne ake fara ganin mutum ya yanke jiki yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, a ce aljanu ne. Idan aka haɗa da kodin ko giya ko maganin barci, numfashi na iya tsayawa. Ba kuma kullum abin da ke cikin fakitin yake Tiramol ba. A watan Fabrairun 2025 binciken BBC ya nuna yadda wani kamfani a Mumbai ke turo wa Afirka ta Yamma ƙwayoyi irin su Tafrodol, haɗin wani maganin ciwo da ya fi Tiramol ƙarfi da wani mai sakar da jiki, haɗin da ba a ba shi lasisi a ko'ina ba.

Wiwi kuma tata yaudarar dabam ce. Ba ta ƙara daɗewa sosai, lissafin lokaci take rikitawa, minti uku ya zama kamar rabin awa a kan mai shan. Tana iya rage kunya da fargaba a farko, shi ya sa wasu ke rantsuwa da ita. Amma wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2019 ya samu raunin gaba ya kusa ninki biyu a tsakanin masu shanta idan aka kwatanta da waɗanda ba sa sha. A Denmak kuma, binciken 2015 a kan samari fiye da 1,200 ya nuna masu shanta fiye da sau ɗaya a mako ƙwayoyin maniyyinsu sun gaza na sauran da kusan kashi 28 cikin ɗari. Hujjar da ke kan wiwi ba ta kai ta Tiramol ƙarfi ba, amma babu inda ta nuna tana gyara namiji.

Abin takaicin shi ne da yawa cikin masu neman maganin nan lafiyarsu ƙalau. A 2005 an auna ma'aurata kusan 500 a ƙasashe biyar da agogo a hannu, aka samu matsakaicin lokaci bai kai minti shida ba. Abin da likitoci ke kira saurin inzali shi ne wanda ke zuwa cikin kamar minti ɗaya, kusan kowane lokaci, har ya dami mutum. Awa ɗayan da ake cika baki da ita a majalisa, a majalisar take ƙarewa.

Wanda ya riga ya shiga fa? Kada ya yanke ƙwayar dare ɗaya idan ya daɗe yana sha da yawa, a hankali ake rage ta a hannun likita. A Bauchi akwai masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da likitocin mafitsara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya faɗi gaskiyar abin da yake sha da yawansa. Gwajin testosteron da safe ake ɗaukar jininsa, lokacin da ya fi yawa a jiki, kuma yana da kyau a duba suga da hawan jini, domin su ma manyan masu kashe gaba ne. Ga mafi yawan mutane sinadarin na farfaɗowa cikin makonni zuwa watanni bayan an daina, maniyyi kuwa yana ɗaukar kusan wata uku kafin sabo ya kammala. Dawowar miƙewar asuba ita ce albishir na farko. Ya kuma guji allurar testosteron ta kemis, domin tana ƙara rufe samar da maniyyi. Ƙwayar Bayagara ma jini kawai take buɗe wa hanya, ba ta ƙirƙiro sha'awar da babu.

Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magungunan ciwo ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 10.6 kuma na shan wiwi. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, kuma tun daga nan ba a daina nuna mana katan-katan da aka kama ba. Kamun yana da amfani. Sai dai duk jawabin da ake yi wa matasa hauka ne da Sara-Suka da gidan yari, alhali angon nan ba ɗan daba ba ne, ba ya ma ganin da shi ake. Kunya ce ta kai shi kemis, kunyar ce kuma ta hana masu wa'azin faɗa masa abin da zai fi tsorata shi. Da za a samu mai ƙarfin halin da zai gaya wa abokan ango cewa gudummawar tasu ita ce za ta kwantar da abokinsu kafin a yi sunan fari, da an rage cinikin ƙwayar nan fiye da yadda gwajin fitsari zai rage.