Akanta a Shago, Akanta a Masana'anta: Abin da Alƙaluma Ke Nunawa

Tallar neman ma'aikaci takan ce "Ana neman akanta" ko da wanda ya buga ta dillalin kayan masarufi ne mai yara goma sha biyu a kasuwar Singa, ko kuma masana'anta ce mai ma'aikata ɗari shida a Sharaɗa ko Bompai. Matashin da ya gama karatun lissafin kuɗi yakan ɗauka aikin ɗaya ne, bambancin kawai wanda ya fi biya. Ni kuwa ina ganin lambar da ya kamata ya fara tambaya ita ce yawan ma'aikatan wurin, domin a Nijeriya wannan lambar ce ke yanke abin da doka ta wajabta a ba shi, ita ce kuma ke nuna irin aikin da zai tarar a kan tebur.

A ma'aunin da hukumar SMEDAN ta yi amfani da shi a 2017, sana'ar da ma'aikatanta ba su kai 10 ba ita ce mafi ƙanƙanta, daga 10 zuwa 49 ƙarama, daga 50 zuwa 199 matsakaiciya. Binciken da SMEDAN ta yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na shekarar 2017 ya ƙirga irin waɗannan sana'o'i kusan miliyan 41.5, kuma kashi 99.8 cikin ɗari suna rukunin farko. Ƙanana sun ɗan haura 71,000, matsakaita kuwa ba su kai 2,000 ba. Gaskiya ne yawancin miliyoyin nan mutum ɗaya ne da jarinsa, ba ya ɗaukar akanta. Amma ko an ware su, hoton a bayyane yake: wuraren da ke da ma'aikata masu yawa 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma da yawa daga masu amsa sunan akanta, manaja ko sakatare a wajen aikin gwamnati suna amsa shi ne a ƙananan wurare.

Lambobi biyu ne a doka suka raba waɗannan wurare, 15 da 25. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ce tsarin fanshon karo-karo ya hau kan kamfani mai zaman kansa da ke da ma'aikata 15 ko fiye. A tsarin, mai aiki zai zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8, ana lissafawa a kan ainihin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri. Dokar ta kuma wajabta wa mai aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Ita kuwa Dokar Mafi Ƙarancin Albashi ta 2019, wadda ta sa naira 30,000, aka kuma ɗaga zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wato dillalin nan mai yara goma sha biyu yana ƙasa da layukan biyu. Abin da zai ba akantansa sai abin da suka shirya a tsakaninsu, da kuma kirkinsa.

Mu ƙaddara, don misali kawai, an yi wa mutum biyu tayin naira 250,000 a wata, ɗaya a wurin dillalin, ɗaya a masana'antar. Na sa albashin daidai da gangan don a ga tazarar da ke nan tun kafin a zo maganar wanda ya fi biya. Na kuma ajiye haraji gefe.

Na wurin dillali zai karɓi 250,000 ɗinsa a dunƙule. Na masana'anta, idan duk kuɗin na cikin abin da ake lissafa wa fansho ne, za a cire masa kashi 8, wato 20,000, ya tafi gida da 230,000. A ranar albashi shi ne kamar wanda aka ƙwara. Sai dai kamfani ya ɗora 25,000 daga aljihunsa, saboda haka 45,000 ke shiga asusun fanshonsa kowane wata, 540,000 ke nan a shekara, kuma kuɗin nasa ne ko ya bar aikin. Albashinsa na shekara miliyan 3 ne, don haka idan ya rasu yana bakin aiki, iyalinsa na da haƙƙin aƙalla miliyan 9 daga inshora. Iyalin ɗayan kuwa sai abin da maigida ya ga dama ya kawo wajen ta'aziyya.

Sai sa'o'i. Kasuwa tana ci kwana shida a mako, kuma mai riƙe da littafi ba ya tashi sai an ƙirga ciniki an rufe sito. A ce awa 10 a rana, kwana 26 a wata, awa 260 ke nan. A raba 250,000 da 260, kowace awa ta tashi kusan naira 960. A ofishin masana'anta a ce awa 8, kwana 22, awa 176. A raba 275,000, wato albashi da gudummawar kamfani, kowace awa ta kama kusan naira 1,560. Tazarar ta haura kashi 60 cikin ɗari, alhali takardun tayin biyu lamba ɗaya suka nuna. Dole a rage wani abu daga wannan, domin a ƙarshen wata, lokacin rufe lissafi, akantocin manyan kamfanoni kan kai dare a ofis, wasu har Asabar. Duk da haka kwana uku ko huɗu ne a wata, ba kullum ba.

A zahiri ma albashin ba ya zama daidai, babban wuri yakan fi biya. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da haka. Charles Brown da James Medoff sun nuna a 1989 cewa a Amurka ma'aikatan manyan kamfanoni sun fi samun albashi ko da an kwatanta masu ilimi da ƙwarewa iri ɗaya, kuma nazarin masana'antun Ghana da Kenya da aka buga a 2005 ya tarar da irin wannan tazara. Ɗaya daga cikin dalilan ana iya ganinsa da ƙaramin lissafi. Idan dillalin na cinikin miliyan 30 a wata, albashin akanta ɗaya ya cinye kashi 0.83 cikin ɗari na cinikin, a harkar da ribar kowane katan ba ta taka kara ta karya ba. Idan masana'antar na cinikin biliyan 3 kuma tana da akantoci 20 a kan 275,000 kowanne, jimillar miliyan 5.5 ce, kashi 0.18 kacal. Ƙarin albashi bai yi mata nauyi ba, kuskuren mutum ɗaya kuwa na iya jawo mata asarar da ta fi albashin sashen gaba ɗaya, don haka ta gwammace ta biya da kyau ta riƙe wanda ta amince da shi.

Wannan ya kawo mu ga aikin kansa, inda bambancin ya fi na kuɗi girma. Akantan ƙaramin wuri shi ne kashiya, shi ke rubuta rasit, shi ke kai kuɗi banki, shi ke ƙirga kaya a sito, shi ke bin 'yan bashi, shi ke tsayawa gaban jami'an haraji. Sau da yawa aljihun maigida da asusun kasuwanci a haɗe suke, sai a aiko a ce a cire kuɗin makarantar yara ko na cefane daga cinikin yau, shi kuma ya san inda zai rubuta. A babban kamfani an tsattsaga wannan aiki da gangan. Wanda ya shigar da takardar neman biya ba shi ke amincewa da ita ba, wanda ya amince ba shi ke sakin kuɗi ba, kuma wani dabam ne ke gwada littafin kamfani da bayanin banki. Ana yin haka ne don kada mutum ɗaya ya iya yin kuskure ko ha'inci ya kuma rufe da hannunsa, kuma masu binciken kuɗi na waje suna duba wannan rabon kowace shekara. Sakamakon shi ne mutum na iya shekara biyar yana akanta bai taɓa komai ba sai takardun masu kawo kaya.

A nan ba na goyon bayan masu raina ƙaramin wuri. Wanda ya riƙe littafin dillali shekara uku da gaskiya ya san yadda kuɗi ke shiga da fita daga farko har ƙarshe, abin da takwaransa na masana'anta zai daɗe bai gani ba. Damuwata ita ce wannan ilimi ba ya da shaida. Babu wanda ya duba aikinsa ya gyara masa, babu matakin girma da zai hau, domin sama da shi sai maigida da 'ya'yansa. Idan ya nemi aiki a babban kamfani, za a tambaye shi ko yana da shaidar ICAN ko ANAN, da irin manhajar lissafin da ya iya, kuma yana iya komawa matakin farko ko da takardarsa ta ce "babban akanta". Ƙananan wurare sukan ba da babban suna a madadin kuɗi, tunda suna ba ya cin ko kwabo. Haɗarin da ya fi wannan shi ne duk ranar da lissafi ya ƙi daidaita, shi kaɗai ne hannunsa ya taɓa kuɗin, shi kaɗai kuma za a tuhuma. Wanda ke irin wannan kujera ya nace maigida ya sa hannu a kan duk kuɗin da ya ɗauka, komai ƙanƙantarsa.

Girman kamfani ma ba tabbaci ba ne, kuma hanyoyi biyu ne lissafin da ke sama ke rushewa. Ta farko ita ce yadda aka tsara albashin. Idan daga 250,000 ɗin 150,000 kaɗai aka rubuta a matsayin ainihin albashi da gida da sufuri, sauran aka kira su wasu alawus, gudummawar kamfani ta sauka zuwa 15,000, ta ma'aikaci 12,000, abin da ke shiga asusu ya koma 27,000 maimakon 45,000. Ta biyu ita ce aikin kwantiragi. Bankuna da masana'antu da yawa suna ɗaukar ma'aikata ta hannun wani kamfani mai samar da ma'aikata, sai mutum biyu su zauna tebur da tebur, suna aiki ɗaya da suna ɗaya, ɗaya na cikin gida, ɗaya na haya, albashinsu da alawus ɗinsu ba su ko kusa. Ana gane wannan daga sunan da ke saman takardar ɗaukar aiki: wanda ya sa hannu a nan shi ne mai aikinka a idon doka, ba mai ginin da kake shiga kowace safiya ba.

Akwai kuma kamfanonin da ke cire kashi 8 daga albashi su ƙi turawa. Doka ta ba mai aiki kwanakin aiki 7 daga ranar biyan albashi ya zuba kuɗin, ta kuma sa tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin ba a kowane watan jinkiri. Ma'aikaci zai gane gaskiya idan ya ɗora takardar albashinsa kusa da bayanin asusun da kamfanin kula da fanshonsa ke turo masa, ya bi su wata bayan wata. Idan takardar albashi ta nuna an cire amma asusu bai nuna an shigar ba, hukumar PenCom ce ke karɓar irin wannan ƙorafi.